Kwafin ajiyar da ba a taɓa buɗewa ba

A daren 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab yana fama da rumbun bayanan kamfanin. GitLab wuri ne da masu rubuta manhaja daga ko'ina a duniya suke ajiye ayyukansu a intanet. Rumbun yana kan manyan kwamfutoci biyu, irin waɗanda ake kira saba: ɗaya ita ke aiki, ɗayar kuma tana bin ta a baya tana kwafar duk abin da aka rubuta. Ta biyun ta gaza bin sawu a wannan dare, sai injiniyan ya yi niyyar share ta ya sake cika ta daga farko. Ya ba da umarnin sharewa, ashe a kan ta farkon yake. Kafin ya farga ya tsayar, daga bayanai kusan gigabait 300 abin da ya rage bai kai gigabait 5 ba.

Irin wannan kuskure yana iya samun kowane ma'aikaci, shi ya sa ake ajiye kwafi. Kamfanin yana da shirin da ke ɗaukar kwafin rumbun kullum, ya tura shi ma'ajiya ta daban. Da aka je ɗaukowa, sai aka tarar ma'ajiyar wayam. Shirin ya daɗe ba ya aiki. Rumbun nasu yana kan manhajar PostgreSQL siga ta 9.6, amma abin ɗaukar kwafin, wato pg_dump, na siga ta 9.2 ne, kuma tsohon ba ya yarda ya kwafi sabo. Kullum sai ya gaza, kullum kuma sai ya aika saƙon imel cewa ya gaza, amma na'urar karɓar saƙonnin tana ƙin su saboda ba su da shaidar da take nema. Babu wanda ya taɓa ganin ko ɗaya.

Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin ɓarnar, don wani gwaji na daban. Da shi aka tashi rumbun, aikin da ya ci kusan awa 18. Duk abin da aka rubuta a cikin awa shidan nan ya tafi: kimanin ayyuka 5,000, tsokaci 5,000, da asusun sababbin masu amfani kusan 700. A rahoton da kamfanin ya fitar bayan haka, ya faɗa a fili cewa babu wani mutum da aka ɗora wa alhakin gwada kwafin a kai a kai.

Da a ce wani ya ɗauki kwafin ko sau ɗaya a wata ya gwada maido da shi, da tun a gwajin farko an gano babu abin maidowa. Gwajin nan ba shi da wuya, kuma asibiti, makaranta, kantin magani ko ƙungiyar gama-kai da ke ajiye bayananta a kwamfuta tana iya yin sa. Ana ɗaukar kwafin ajiya, wanda masu sana'ar ke ce wa bakof, a zuba shi a wata saba ta daban, sannan a ƙirga layukan da suka fito, a gwada da na asali.

Abin da ake ƙirgawa

Rumbun bayanai kamar tarin littattafan rajista ne a ofis. Kowane littafi yana da abin da ake rubutawa a cikinsa, ɗaya na sunayen mambobi, ɗaya na kuɗin da suka zuba, ɗaya na rance. A harshen sana'ar ana kiran kowane littafi tebur, kowane shigarwa ɗaya kuma layi. Mamba ɗaya layi ɗaya ne a teburin mambobi. Zubi ɗaya, da kwanan watansa da adadinsa, layi ɗaya ne a teburin zubi.

Kwafin ajiya kuwa fayil ne da ke ɗauke da umarnin sake gina waɗannan tebura da kuma layukan da za a zuba a cikinsu. Idan ka kalli fayil ɗin a kan allo, suna da girma da kwanan wata kawai za ka gani. Waɗannan ukun ba sa nuna ko abin da ke ciki cikakke ne. Fayil yana iya yankewa a tsakiya saboda faifan ajiya ya cika ko wuta ta ɗauke. Yana iya zama fanko ma. Sau da yawa ana haɗa abin ɗaukar kwafi da abin matse fayil don ya rage girma. Idan na farkon ya gaza bai fitar da komai ba, na biyun zai matse wannan babu ɗin, ya fitar da ɗan fayil mai suna daidai da kwanan wata daidai, ya kuma ba da rahoton cewa ya gama lafiya. Wanda ke duba jerin fayiloli da safe zai ga na jiya yana nan, hankalinsa ya kwanta.

Dalilin neman wata saba

Dalili na farko a bayyane yake. Maido da kwafi yana nufin zuba tsofaffin bayanai a kan rumbu, kuma wasu umarnin maidowa sukan fara da share abin da suka tarar. Wanda ya yi gwajin a kan sabar da ake aiki da ita, kuskuren harafi ɗaya ya isa ya mayar da ofis ɗin jiya ko makon jiya.

Dalili na biyu shi ne wanda na fi ba muhimmanci. Ranar da za a bukaci kwafin da gaske, sabar farko ba ta nan: ta ƙone, ko an sace, ko faifanta ya mutu, ko 'yan damfara sun kulle ta suna neman kuɗin fansa. Duk abin da take ɗauke da shi wanda ba ya cikin kwafin ya tafi tare da ita. Idan aka yi gwaji a kanta, tana rufa wa kwafin asiri, domin duk abin da ya rasa yana nan a gefe. Sabuwar saba ba ta da komai, don haka take tona duk wani giɓi. A nan ne ake gano cewa mabuɗin sirrin da aka kulle fayil ɗin da shi yana kan tsohuwar sabar kaɗai. A nan ne ake gano cewa sunayen ma'aikatan da ke da izinin shiga rumbun ba sa cikin kwafin. A PostgreSQL, misali, pg_dump ba ya ɗaukar su, sai an ɗauke su daban da `pg_dumpall --globals-only`. A nan ne kuma ake gano cewa sigar manhajar da ke hannu ba ta karanta fayil ɗin.

Saboda wannan dalili ne ya kamata a ɗauko kwafin gwajin daga ainihin inda ake adana shi, ba daga wanda ya rage a kan sabar aiki ba. Idan ana tura shi wani gari ko ma'ajiyar intanet, daga can za a sauko da shi, don a san hanyar tana aiki. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu abokan cinikinsa a ranar suka san cewa kwafinsu yana wuri ɗaya da sabar da ta ƙone.

Sabar gwaji ba sai ta zama babba ba. Tsohuwar kwamfuta mai isasshen faifai ta isa, ko a yi hayar saba ta awa biyu zuwa uku a intanet. Amma dole a tsare ta. Rumbun da aka maido ɗauke yake da lambobin waya da adireshin imel na mutane na gaske. Idan aka kunna manhajar ofis a kansa alhali tana iya fita waje, tana iya aika wa mambobi saƙon tunatarwa kan bashin da suka riga suka biya. Kafin a fara, a yanke mata hanyar aika saƙo, a kashe ayyukan da ke tashi da kansu a kan lokaci, a kuma tabbatar ba ta da hanyar rubutu a rumbun asali.

Mu ɗauki misali mu bi shi

A ɗauka wata ƙungiyar gama-kai ce ta ma'aikata, tana karɓar zubi tana ba da rance. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, amma matakan su ne ainihin waɗanda ake bi. Rumbunta yana kan PostgreSQL, sunansa `gamakai`, kuma kullum da ƙarfe 1 na dare ana ɗaukar kwafi:

```
pg_dump -Fc -f gamakai.dump gamakai
```

Da safe mai kula da kwamfutocin ya ɗauko fayil ɗin zuwa sabar gwaji, ya buɗe rumbu fanko, ya zuba:

```
createdb gwaji
pg_restore --exit-on-error -d gwaji gamakai.dump
```

Wannan `--exit-on-error` yana da amfani ƙwarai. A ɗabi'arsa pg_restore ba ya tsayawa idan ya gamu da kuskure. Yana tsallakewa ya ci gaba, sai a ƙarshe ya rubuta layi ɗaya da ke faɗin yawan kurakuran da ya yi biris da su. Wanda bai karanta wannan layi ba zai ɗauka komai ya shiga. Da wannan umarni kuwa, kuskuren farko zai tsayar da aikin, dole a duba.

Ya kuma kalli agogo tun daga lokacin da ya fara sauko da fayil ɗin har aka gama zubawa. A ce minti 50 ne. Wannan adadi shugabannin ƙungiya suna bukatar saninsa, domin shi ne mafi ƙarancin lokacin da ofis zai zauna a rufe idan abu ya faru, kuma yana ƙaruwa yayin da rumbun ke girma.

Sai ƙirga. Umarnin gajere ne, ana maimaita shi ga kowane tebur, a nan da can:

```
SELECT count(*) FROM zubi;
```

A sabar gwaji ya sami 186,412. Ya juya sabar aiki da ƙarfe 10 na safe, ya sami 186,530. Bambancin layi 118 ne.

A wannan gaɓa ce gwaji yakan lalace, ta ɗaya daga hanyoyi biyu. Wani zai firgita ya ce kwafin ya zubar da layuka. Wani kuma zai ce 118 a cikin dubu ɗari da tamanin da shida ai ba komai ba ne, ya rubuta cewa an ci gwaji. Na biyun ya fi haɗari, domin daga ranar ya koya wa kansa karɓar "kusan daidai", kuma wata rana 118 ɗin za su zama zubin mutane na gaske da suka ɓace.

Abin da ya faru shi ne an gwada lokuta biyu daban. Shi pg_dump yana ɗaukar rumbun ne yadda yake a daidai lokacin da ya fara. Ko da aikin ya ɗauki rabin awa, abin da aka rubuta bayan ya fara ba ya shiga. Ofis kuwa ya buɗe da ƙarfe 8, an yi ta karɓar kuɗi. Idan teburin yana rubuta lokacin da kowane layi ya shiga, sai a ƙirga a sabar aiki waɗanda suka shiga bayan ƙarfe 1 na dare. Idan sun kai 118 cif, bambancin ya sami bayani. Idan 110 ne, akwai takwas da ake nema, kuma ba a tashi ba sai an san inda suke.

Wannan dabara tana da rauni. Ana iya share layi da safe, ko akawu ya shigar da zubin jiya yau ya sa masa kwanan watan jiya, lissafin ya rikice. Hanyar da ta fi ita ce a yi ƙirgar a daren, tare da ɗaukar kwafin, a ajiye alƙaluman a ɗan fayil kusa da shi. A ofishin da babu mai rubutu da dare, ƙirgawa dab da fara kwafin ta wadatar. Inda kuwa kuɗi ke shigowa dare da rana, kamar wurin da ake biya ta waya, PostgreSQL yana da hanyar tsayar da kallo a lokaci guda:

```
BEGIN ISOLATION LEVEL REPEATABLE READ;
SELECT pg_export_snapshot();
SELECT count(*) FROM zubi;
```

Layi na biyu yana fitar da wata lamba. Ana ba pg_dump wannan lamba ta `--snapshot` tun ba a rufe wannan zama ba, sai shi da mai ƙirga su kalli rumbun a daidai lokaci ɗaya, alhali sauran jama'a suna ci gaba da aikinsu. Idan an yi haka babu sauran uzuri. Alƙaluman biyu dole su zo daidai har layi na ƙarshe.

Akwai wani tarko a nan da ya kama mutane da yawa. Ƙirga babban tebur tana ɗaukar lokaci, don haka manhajojin rumbu suna ajiye ƙiyasi na yawan layuka don amfanin kansu, kuma shi ne yawancin allunan dubawa ke nunawa kusa da sunan tebur. A PostgreSQL ana samunsa a `reltuples` da `n_live_tup`. A MySQL yana cikin `TABLE_ROWS`, kuma littafin jagorar MySQL da kansa ya yi gargaɗin cewa ga teburan InnoDB wannan adadi yana iya kauce wa gaskiya da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Wanda ya gwada ƙiyasi da ƙiyasi bai gwada komai ba. Sai dai a yi haƙuri a jira `count(*)` ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya.

Teburin da babu shi

Mu koma ga ƙungiyarmu. A ce an gyara, yanzu ana ƙirgawa da dare. Mai kula ya jera teburan da ke sabar gwaji, guda 13, ya ƙirga kowanne. Mambobi 2,340 nan da can. Zubi 186,412 nan da can. Rance 5,118 nan da can. Haka har na goma sha uku, babu bambanci ko na layi ɗaya. A ido an ci gwaji.

Amma daga ina ya samo jerin teburan? Daga kwafin. Da ya jero su daga sabar aiki, da ya ga 14 ne. A ce shekaru biyu da suka wuce wani ya gyara umarnin daren, ya lissafa teburan da za a ɗauka da sunayensu don ya bar wani babban tebur marar amfani. Bayan wata shida aka ƙara sabon tebur, `biyan_rance`, inda ake rubuta duk abin da mai bashi ya biya. Babu wanda ya tuna ya ƙara sunansa a umarnin. Tun daga ranar kwafin yana fita lafiya kullum, yana maiduwa lafiya, ba kuskure ko ɗaya, amma babu shaidar biyan kowa a cikinsa. Da an wayi gari sabar ta mutu, ƙungiyar za ta san wa ta ba rance da nawa ta ba shi, ba za ta san wa ya biya ba. Ka yi tunanin zaman da za a yi da mambobi a kan haka.

Saboda haka ƙirgar farko ta tebura ce, ta layuka tana biyo baya, kuma jerin yana fitowa ne daga rumbun asali. Ni a ganina umarnin ɗaukar kwafi bai kamata ya lissafa abin da zai ɗauka ba. Ya ɗauki komai, idan akwai abin da ba a so sai a ambaci shi kaɗai a cire. Ta haka duk sabon tebur yana shiga da kansa.

Wani lokaci kuma teburin yana nan amma ƙirgarsa sifili ce, alhali na asali yana da dubbai. A PostgreSQL wannan yana da sananniyar ma'ana. Layukan tebur ɗaya ana zuba su ne a dunƙule, ko duka su shiga ko babu wanda zai shiga. Layi ɗaya mai matsala a cikin dubu sittin ya isa ya bar teburin fanko. Sifili ba ya nuna cewa kwafin ne ya lalace; yana iya yiwuwa faifan sabar gwajin ne ya cika ana cikin zubawa. Saƙon kuskuren da pg_restore ya rubuta shi zai raba gardama. Idan ya ce fayil ya ƙare ba zato, kwafin ne ya yanke, sai a koma a binciki daren da aka ɗauke shi. Idan ya ce babu wuri a faifai, sai a ƙara wuri a sake. Ko wanne ne, an ƙaru, domin da ranar bukata ce da haka za a tsaya.

Idan kuma layukan kwafin suka fi na asali yawa, galibi ɗaya daga biyu ne: ko an zuba kwafin a rumbun da ba fanko ba har wasu layuka suka ninku, ko an share layuka a sabar aiki bayan an ɗauki kwafin. Na biyun ya cancanci a tambayi wanda ya share da dalilinsa.

Inda ƙirga ta tsaya

Ƙirgar layuka tana kama manyan ɓarna: fayil fanko, fayil da ya yanke, teburin da aka manta, teburin da ya ƙi shiga. Tana da sauri, kuma ko wanda ba injiniya ba yana iya duba lambobi biyu ya ga ko sun yi daidai. Amma yawa kawai take faɗa. Ba ta leƙa cikin layin.

Misali mafi kusa da mu shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Kwamfuta tana ajiye ƙ da ɗ da ɓ ne da tsarin UTF-8, kowanne yana cin bait biyu. Idan wajen ɗaukar kwafi ko wajen maidowa aka karanta su da tsohon tsarin haruffan Yammacin Turai, kowane bait sai a ɗauke shi harafi mai zaman kansa. Harafin ƙ sai ya koma `Æ™`, wani lokaci kuma alamar tambaya ce ke maye gurbinsa, wadda ba ta gyaruwa. Layuka 2,340 suna nan cif, amma duk wanda ke da irin wannan harafi a sunansa ko sunan unguwarsu ya lalace, kuma idan aka neme shi da suna ba zai fito ba. Maganin mai sauƙi ne: a buɗe wasu layuka a karanta da ido, a zaɓi masu irin waɗannan haruffa da gangan.

Ga teburan kuɗi kuwa, a haɗa ƙirga da jimilla da kuma lokacin layi na ƙarshe:

```
SELECT count(*), sum(adadi), max(lokaci) FROM zubi;
```

Jimilla tana kama adadin da ya canza ko ya ɓace a cikin layi. Lokacin ƙarshe kuma yana kama wata matsala da ƙirga takan bari ta wuce: kwafin da ya tsufa. Idan shirin daren ya daina aiki wata uku da suka wuce amma tsohon fayil yana nan da sunansa, zai maidu lafiya lau. A teburan da ba sa yawan canzawa ƙirgar ma za ta zo daidai. Amma idan layi na ƙarshe a teburin zubi na watan Afrilu ne alhali ana cikin Yuli, magana ta ƙare.

Akwai kuma abin da ba ya cikin rumbun kwata-kwata. Hotunan mambobi da takardun yarjejeniyar rance da aka ɗauki hotonsu galibi suna zaune ne a wani wuri a faifai, rumbun sunan fayil ɗin kawai ya riƙe. Layin yana nan, yana nuna takardar da babu ita a sabuwar saba. Shi ya sa bayan ƙirga ya dace a kunna manhajar ofis a kan rumbun gwajin, a nemi akawun ƙungiyar ya zauna ya buɗe asusun mutum biyar da ya sani, ya fitar da rahoton ƙarshen wata, ya gwada da wanda ya buga a takarda. Akawu yana ganin abin da injiniya ba zai gani ba, domin shi ya san yadda lissafin ya kamata ya kasance.

Sau nawa, kuma wa zai yi

Ga ƙaramin ofis, sau ɗaya a wata da hannu ya isa, sannan a ƙara duk lokacin da aka sabunta manhajar rumbu, ko aka ƙara tebur, ko aka canza wurin ajiya, domin a irin waɗannan lokuta ne kwafi yakan lalace shiru. Inda akwai hali, ana iya sa kwamfuta ta riƙa yin maidowar da ƙirgar da kanta kowane dare. Idan an yi haka, a tsara ta ta aiko da alƙaluman kullum, ko an ci ko an faɗi. Tsarin da ba ya magana sai an sami matsala, shirunsa yana da fassara biyu, kuma babu yadda za a bambance lafiya da mutuwar mai kawo saƙon.

Aikin yana bukatar sunan mutum ɗaya a kansa, da rana a kalanda. Lokaci-lokaci kuma a ba wani ma'aikaci daban ya yi, yana bin rubutattun matakai kawai, wanda ya saba yi yana gefe bai ce uffan ba. Duk inda na biyun ya tsaya yana tambaya, wannan mataki ne da ke cikin kan mutum ɗaya, sai a rubuta shi. Sakamakon kowane gwaji a shigar da shi a takarda ɗaya: kwanan watan kwafin, inda aka ɗauko shi, mintunan da maidowa ta ci, yawan tebura, ƙirgar kowanne a ɓangarorin biyu, da bayanin duk wani bambanci. Shugaban ƙungiya ko shugabar asibiti ba sai sun iya umarnin kwamfuta ba kafin su nemi a kawo musu wannan takarda, su duba ko lambobin sun yi daidai, su tambayi dalili idan ba su yi ba.

Bayan an gama, rumbun gwajin cikakken kwafi ne na sunaye da lambobin waya da basussukan mutane, a kan na'urar da galibi ba a tsare ta kamar ta aiki. A Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe irin waɗannan bayanai nauyin tsare su, kuma na gwaji ba su fita daga ciki ba. A share rumbun da `dropdb gwaji`, bayan an duba sunan sabar da ake kai sau biyu, a goge fayil ɗin da aka sauko da shi, idan kuma sabar ta haya ce a rufe ta tare da faifanta.